Ribar takarda da ribar gaske: yadda tsada ke ruɗin lissafin tsofaffin gidajen kasuwanci

A kowace shekara, ranar 31 ga watan Disamba, gidajen kasuwancin da ke riƙe da cikakken lissafi suna rufe littattafansu, kuma doka ta ba su wata huɗu su fitar da takardar da kwantabul ke kira bilan. Daga Janairu zuwa Afrilu ke nan manyan ƴan kasuwar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ke zama da masu yi musu lissafi, a karanto musu ribar bara, a cire ta lanho, a raba saura. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne ƙorafin da ya yawaita tun bayan tsadar 2023 da 2024. Takarda tana cewa an ci riba, wani lokaci ma ribar da ba a taɓa gani ba, amma da aka zo sauya mota ko cika magaza sai kuɗi suka kasa. Wasu suna zargin yaran shago, wasu suna zargin kwantabul. Sau da yawa babu wanda ya saci ko dala. Matsalar tana cikin yadda ake rubuta lissafin kansa.

Ƙa'idar da ake bi a Nijar da sauran ƙasashen ƙungiyar OHADA, wato tsarin SYSCOHADA da aka yi wa gyara a 2017 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ta ce a rubuta kowace kadara da farashin da aka saye ta. Fili, magaza, mota, injin niƙa, buhun shinkafa, kowane yana shiga littafi da kuɗin da ke jikin fakitir ɗinsa, kuma a bisa wannan kuɗi ake ci gaba da lissafi ko da shekara talatin ta wuce. Dalilin ƙa'idar mai kyau ne. Farashin ranar saye yana da shaida, akwai takarda, ba wanda zai tashi da safe ya ce magazarsa ta kai miliyon ɗari don ya burge banki. Sai dai ƙa'idar ta ɗauka cewa jikar jiya da jikar yau abu guda ne. Duk wadda ta je cefane a shekarun nan ta san ba haka ba ne.

Bari mu fara da misali mafi sauƙi, wanda iyayenmu mata na kasuwa suka fi kowa sani. A ce mace ta sari buhu 100 na shinkafa a kan jika 11 kowane, miliyon ɗaya da jika ɗari ke nan. Kafin ta sayar farashi ya tashi, ta sayar da kowane buhu jika 14, ta tara miliyon ɗaya da jika 400. Littafi zai ce ta ci ribar jika 300. To amma da ta koma wajen dila sai ta tarar buhu ya koma jika 13 da rabi. Cika rumfarta da buhu 100 kamar da zai ci miliyon ɗaya da jika 350. Abin da ya rage mata na gaske jika 50 ne. In ta yarda da littafi ta kwashe jika 300 ta yi hidimar biki da su, kuɗin da ke hannunta buhu 81 kawai za su saya. Buhu 19 sun tafi, kuma ba ɓarawo ya ɗauke su ba. Ta ci uwar kuɗi tana zaton riba take ci.

Mai rumfa tana gane wannan da wuri, domin kayanta na juyawa cikin mako biyu ko wata guda, idonta na ganin rumfa tana raguwa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne gidan da ya daɗe, mai kadarorin da ba a sauya su sai bayan shekara goma ko ashirin. Shi ɓarnar tana taruwa a ɓoye, shekara bisa shekara, takarda kuma tana ta yi masa albishir.

Lissafin motar ɗaukar kaya

Mu ɗauki misalin wani gida a Maraɗi, misali ne muka ƙirƙira da alƙaluma masu sauƙi don a bi lissafin. Gidan yana da babbar motar ɗaukar kaya guda da ya saya a farkon 2017 a kan miliyon 30, ana sa ran za ta yi aikin shekara goma. Mota tana tsufa, tsufan nan kuwa kashe kuɗi ne ko da ba a ga an zaro su daga aljihu ba. Don haka kwantabul yana raba kuɗin motar bisa shekarun aikinta, yana cire kaso guda kowace shekara daga cikin ciniki kafin ya faɗi riba. Wannan shi suke kira amortisma, mu kuwa za mu ce masa kason tsufa. Miliyon 30 a raba goma, miliyon 3 ke nan a shekara.

A shekarar 2024 motar ta kawo kuɗin dako miliyon 40. Gazuwal, albashin direba da karen mota, tayoyi, gyara, asiransi da kuɗin hanya sun ci miliyon 31. Saura miliyon 9. A cire kason tsufa miliyon 3, riba ta zama miliyon 6. Lanhon riba a Nijar kashi 30 ne cikin ɗari ga gidajen da ke ƙarƙashin cikakken lissafi, wato miliyon ɗaya da jika 800. Abin da ya rage wa maigida miliyon 4 da jika 200. Kwantabul bai yi kuskure ko guda ba, duk abin da ya rubuta daidai yake da doka.

Yanzu a tambayi dillalan motoci nawa irin wannan mota take a yau, da kuɗin duwan da na kawowa. A ce miliyon 50 ce. Idan haka ne, abin da aikin shekara guda ya cinye a jikin motar ba miliyon 3 ba ne, kashi ɗaya ne cikin goma na mota, kuma kashi ɗaya cikin goma na mota a yau miliyon 5 ne. Kuɗin dakon da aka karɓa kuɗin 2024 ne, gazuwal da aka biya farashin 2024 ne, albashi na 2024 ne, abu guda ne kawai a cikin lissafin aka bari da kuɗin 2017, shi ne tsufan motar. Da an auna shi da mudun da aka auna sauran, riba miliyon 4 ce ba 6 ba.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, lanhon da aka biya bai ragu ba, yana nan miliyon ɗaya da jika 800, wanda a kan ribar miliyon 4 ya zama kashi 45 cikin ɗari, ba 30 ba. Babu dokar da ta ƙara lanho, tsada ce ta ƙara shi. Na biyu, abin da maigida zai iya ɗauka ba tare da ya taɓa jari ba miliyon 2 da jika 200 ne. In ya ɗauki miliyon 4 da jika 200 kamar yadda takarda ta halatta masa, ya gina ɗaki, ya aurar da ɗiya, ya biya kujerar Makka, to miliyon 2 daga ciki ƙarfen motarsa ne ya yanka ya ci.

A ƙarshen 2026 motar za ta cika shekara goma. Ko da maigida mutum ne mai tsantseni, wanda kowace shekara yake ware miliyon 3 ɗin nan ya ajiye bai taɓa su ba, abin da zai samu a ajiye miliyon 30 ne, mota kuma tana neman 50. Giɓin miliyon 20 sai dai bashi, ko ya sayi ƙaramar mota, ko ya sayi wadda ta fi tsufa. Haka gidajen da muka taso muka ga suna da motoci biyar suke komawa uku, uku su koma ɗaya, ba tare da an taɓa rubuta faɗuwa a littafinsu ko shekara guda ba. Mutanen gari su ce ƴaƴa ne ba su iya riƙo ba. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa tun uban na raye aka fara cin motocin.

Ga wani wurin da ake yawan tuntuɓe. Ko maigida ya farga a 2024 ya fara ware miliyon 5, hakan bai cike ramin shekarun baya ba, lokacin da yake ware 3. Shekara bakwai ya tara miliyon 21, alhali kashi bakwai cikin goma na motar yau miliyon 35 ne. Sai fa in kuɗin da yake warewa bai bar su kwance ba, ya zuba su cikin hajar da farashinta ke tafiya da zamani. Kuɗin tsufa da aka ajiye a akwati su ma tsufa suke yi.

Abin ya fi ban mamaki idan motar ta wuce shekara goma tana aiki, kamar yadda motocin ƙasar nan suka saba, domin makanikanmu ba sa barin ƙarfe ya mutu da wuri. A shekara ta goma sha ɗaya littafi ya gama cire kuɗinta, darajarta a takarda sifiri ce, ba sauran kason tsufa. Riba sai ta yi tsalle daga miliyon 6 zuwa 9 ba tare da an ƙara ko tafiya guda ba. Maigida yana ganin motar kamar kyauta take aiki, sai ya karya kuɗin dako don ya kwashe ciniki. Maƙwabcinsa da ya sayi sabuwar mota a miliyon 50, yana cire miliyon 5 a shekara, ba zai iya bin wannan farashi ba. A idon kasuwa tsohon gida ya fi iya sana'a. A gaskiya yana sayar da ragowar ran motarsa ne a araha, ranar da injin ya tsaya kuma ba abin da zai maye gurbinsa.

Me ya sa yanzu

Dattawan kasuwa sun taɓa ganin wannan da idonsu a dare guda. Ranar 11 ga Janairun 1994 a Dakar aka yanke shawarar karya darajar kuɗin sefa, washegari faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Motar da ake sayarwa faran 200.000 a Faransa, wadda ke kama miliyon 10, ta wayi gari tana miliyon 20. A wannan shekara farashin kaya a Nijar ya hau da kusan kashi 36 cikin ɗari. Duk wanda ke da magaza cike da kayan waje ya sayar da riba mai kauri a takarda, da yawa kuma da suka koma saro kaya sai suka dawo da abin da bai fi rabi da yawa ba.

Tun daga 1999 sefa tana ɗaure da kuɗin yuro a kan 655,957, abin da ya sa tsadar Nijar ba ta yin gudu irin na maƙwabciyarmu Nijeriya, inda hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Wannan kwanciyar hankali ita ta sa aka manta da darasin 1994. To amma ko hawan kashi 3 cikin ɗari a shekara, wanda shi ne iyakar da ƙasashen kuɗin sefa na yammacin Afirka suka ɗaukar wa kansu, yana ninka farashi sau biyu cikin shekara 24. Ga mai sayar da tumatir wannan ba komai ba ne. Ga gidan da kakan ya kafa, jika yake riƙe da shi, shi ne dukan labarin. Bayan haka akwai shekarun da tsada ke zuwa da ƙarfi, kamar 2008 da ta wuce kashi 11 cikin ɗari. Sai kuma takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufewar hanyar Kwatano da ta sa kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da tsawon hanya da jiran rakiya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma tsadar wannan shekara ta kai wajen kashi 9 cikin ɗari.

A 2025 farashin cimaka ya sauko, jama'a sun ɗan numfasa. Kada wannan ya sa a ɗauka maganar ta wuce. Saukar gero da shinkafa ba ta mayar da kuɗin mota, injin niƙa ko janareto inda suke a 2017 ba. Ga masu haja kuma saukar farashi tana juya misalin da muka bayar ne: buhun da aka saro da tsada a sayar da araha, littafi ya nuna faɗuwa, alhali kuɗin da aka samu na iya cika rumfa kamar da. A nan ma a lura da wani abu. Idan daraja ta faɗi ƙasa da kuɗin saye, ƙa'ida ta tilasta wa kwantabul ya rubuta ragin nan take. Idan ta hau, ba ya rubuta komai sai an sayar. Littafin yana ganin gangara, ba ya ganin hawa.

Magazar da littafi ya manta

Mu koma gidan namu na misali. Bayan mota, yana da magaza da haraba kusa da kasuwa, inda ake sauke kaya, wadda mahaifin maigida ya mallaka a 1992: fili miliyon ɗaya, gini miliyon 3. Ba a cire wa fili kason tsufa, gini kuwa an daɗe da gama cire nasa. Don haka a bilan na 2024 magazar tana nan a miliyon ɗaya. Motar kuma, bayan shekara takwas ana cire miliyon 3, saura miliyon 6. Dukan kadarorin gidan a takarda miliyon 7 ne. Ribar miliyon 6 a kan dukiyar miliyon 7 ta kusa kashi 86 cikin ɗari. Wa zai ga wannan bai ce maigida ya haƙo zinariya ba?

A ce dillalai sun yi wa magazar kuɗi a yau miliyon 60. Motar da ta rage shekara biyu cikin goma, a farashin yau, miliyon 10 ce. Dukiyar da ke cikin sana'ar miliyon 70 ke nan, ribar gaske kuma miliyon 4, abin da bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Idan har magazar za ta iya samun ɗan haya a jika 250 a wata, miliyon 3 ke nan a shekara maigida na kwance a gida. Ashe duk wahalar hanya, da fargabar hatsari, da rigimar direbobi, miliyon ɗaya suke ƙarawa. Wannan tambaya ce da ya kamata maigida ya yi wa kansa, littafin kuma ba zai taɓa sa shi ya yi ta ba, saboda a wurinsa magazar kusan kyauta ce.

Ruɗin yana cizo ta fuska biyu, ribar ta kumbura, dukiyar ta ƙanƙance. Inda ya fi yin ɓarna shi ne ranar rabuwa. Abokan tarayya biyu da suka yi shekara ashirin tare, ɗaya zai fita, aka ce a biya shi rabin abin da bilan ya nuna: zai tafi da miliyon 3 da rabi a maimakon 35. Haka ma wajen gado, idan babban wa da ke riƙe da sana'a ya ce zai sayi kason ƙannensa mata bisa takardar kwantabul. Takardar ba ta jabu ba ce, tana da hatimi, amma ba don wannan aiki aka yi ta ba. Malamanmu masu rabon gado sun saba kiran masana su yi wa kadara kuɗi da farashin ranar, kuma ɗan kasuwar da ke fitar da zakkar hajarsa ya san da farashin yau ake ƙiyasta ta, ba da na ranar saro ba. Hankalin da kasuwa ta riga ta sani ne, takardar zamani ce ta sa wasu suka ajiye shi.

In kuma aka sayar da magazar miliyon 60, littafi zai rubuta ribar miliyon 59 a shekara guda. Farashin kayan masarufi a Nijar ya ninka fiye da sau biyu daga 1992 zuwa yau, don haka wani ɓangare na wannan riba canjin mudu ne kawai, wani ɓangaren kuma hawan darajar filin birni ne na gaske. Ko ma yaya aka raba, wanda ya sayar yana so ya ci gaba da sana'a a wannan unguwa zai biya miliyon 60 ɗin ne ya sami irinta.

Akwai ɓangare na uku da ba ya fitowa a littafi sam, shi ne bashi. Miliyon 5 da abokan ciniki suka riƙe wa gida tun farkon 2024 suka biya a ƙarshenta suna nan miliyon 5 a rubuce, amma abin da za su saya ya ragu da kusan jika 400. Wanda ake bi kuwa shi ya ci wannan ragi. Gidan da ke ba da kaya bashi mai tsawo, shi kuma yana biyan dilansa hannu da hannu, yana yoyo ta nan ba tare da ya sani ba.

Abin da doka ta bari, da abin da ya rage ga maigida

Tsarin SYSCOHADA bai toshe ƙofa ba. Ya yarda gida ya sake ƙiyasta kadarorinsa ya kai su darajar yau, amma da sharuɗɗa. Ba a zaɓar magaza a bar mota, dole a yi wa dukan kadarorin dindindin na zahiri da na hannun jari lokaci guda. Sabon kuɗin da aka rubuta ba zai wuce ainihin darajar abin a yau ba. Bambancin da ya fito kuma ba riba ba ne, ana rubuta shi a gefen jari, ba a raba wa masu gida shi, sai dai a ƙara shi cikin jarin. Wannan sharaɗi na ƙarshe, a ganinmu, shi ne mafi hikima a duk tsarin. Yadda ofishin lanho zai ɗauki wannan bambanci kuwa magana ce ta dokar lanho, ba ta dokar lissafi ba, don haka kada wanda ya taɓa littafinsa kafin ya zauna da ƙwararren kwantabul mai rajista a ƙungiyar ONECCA ya ji abin da zai biya. Ta ɓangaren haja, tsarin ya yarda da hanya biyu ne, ko a ɗauka kayan da suka fara shiga su suka fara fita, ko a yi matsakaicin farashi. Dukansu suna sa tsohon farashi cikin lissafin riba, ta farkon ta fi kumbura riba lokacin tsada.

Ba mu cikin masu cewa a yar da farashin ranar saye. Da a bar kowa ya rubuta abin da yake ganin dukiyarsa ta kai, gara littafin da ke da fakitir. Abin da muke cewa shi ne littafin doka amsa yake bayarwa ga tambaya guda: nawa aka kashe, nawa aka samu. Tambayar nawa zan iya ɗauka gidan ya tsaya yadda yake, wannan sai da takarda ta biyu, wadda maigida zai riƙe wa kansa, kuma shafi guda ya ishe ta.

Hanya biyu ake bi wajen cika ta, kuma ba sa ba da amsa guda. Ta farko ita ce a yi amfani da alƙalamin farashi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke fitarwa kowane wata. A ninka kuɗin saye da alƙalamin bana, a raba da na shekarar saye. In a ce alƙalamin yana 100 a 2017 ya koma 125, motar miliyon 30 ta zama 37 da rabi, kason tsufanta miliyon 3 da jika 750. Wannan yana gaya wa maigida ko dukiyarsa na iya sayen abin da take saye a da na rayuwar gida. Rauninsa shi ne alƙalamin kwandon cefanen iyali yake aunawa, wanda cimaka ta fi yawa a ciki, ba ya auna mota ko taya. Hanya ta biyu ita ce a tambayi farashin abin kansa a yau, kamar yadda muka yi da miliyon 50. Ga wanda ke nufin ci gaba da sana'ar, ita ce ta fi dacewa, domin mota zai saya ba gero ba. Rauninta kuma shi ne dillali na iya zuga farashi, sannan motar yau ba lallai ta zama irin ta da ba: in sabuwar tana ɗaukar tan 40 tsohuwar tana ɗaukar 30, sai a rage kwata daga kuɗinta kafin a kwatanta. Gara a ji bakin dillalai biyu ko uku, a ɗauki na tsakiya, a rubuta ranar da aka tambaya.

Alamomin gidan da ke cin kansa ba su da wuyar gani ga mai ƙirga abu maimakon kuɗi. A duba buhu nawa magaza ke ɗauka a irin wannan wata shekara biyar da ta wuce, nawa take da shi yau. A duba motoci nawa ne, shekarunsu nawa, yaushe aka sayi ta ƙarshe ba da bashi ba. A duba ko kuɗin gyara na hawa kowace shekara alhali kason tsufa na sauka. Idan riba tana ƙaruwa a takarda amma kowace damina sai an nemi kiredi a banki don saro adadin kayan da ake saya da kuɗin gida a da, to bambancin nan shi ne abin da aka riga aka ɗauka aka kashe.

A gidan namu na misali, shafin na biyu zai ce wa maigida ya ɗauki miliyon 2 da jika 200 a ribar 2024, ya bar miliyon 2 a kan 3 da kwantabul ya cire, ya kuma san cewa akwai ramin miliyon 14 na shekaru bakwai na farko da zai nemi yadda zai cike kafin ƙarshen 2026. Kuɗin dakon da zai faɗa wa mai kaya a tafiya ta gaba shi ma daga miliyon 5 ɗin zai lissafo shi.